LOL Ba Dariya Ba Ce: Ɗan Sharhi A Kan Taƙaitattun Kalmomin Hirar Ingilishi

Duk wanda ya taɓa yin hira a rubuce da Ingilishi ta wayar hannu ya san 'yan haruffan nan da ake jefawa cikin zance a madadin jimla sukutum. Saboda yawansu har an sha tattara su a jera, kowace da fassararta a gefe, domin amfanin iyaye da malamai da sauran waɗanda zamani ya tsere wa. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in nuna cewa irin wannan jeri, duk da amfaninsa, rabin aiki ne. Yana faɗa wa mutum abin da haruffan suke wakilta, amma ba ya faɗa masa muryar da ake faɗinsu da ita, alhali kuwa a nan ne ake ɓatawa, a nan ne kuma ake shiryawa.

Bari mu fara sallamar masu sauƙin. BRB na wakiltar be right back, watau yanzu zan dawo. IDK na wakiltar I don't know, ban sani ba ke nan. BTW kuwa by the way ce, abin da mu za mu ce "af, na tuna" idan za mu sako wata magana a tsakiyar wata. Waɗannan ba su da wata rigima, abin da jeri ya ce suna nufi shi suke nufi. Mai rigimar ita ce LOL, wadda aka ce tana wakiltar laughing out loud, watau ina ƙyalƙyala dariya har ana ji. A kanta zan fi daɗewa.

Idan aka tambayi yawancin mutane dalilin wannan taƙaitawa, sai su ce ƙarancin wuri ne da ƙiwar rubutu. Akwai gaskiya a ciki. Saƙon tes guda, wanda aka fara aika irinsa a Ingila cikin watan Disamba na 1992, ba ya ɗaukar fiye da haruffa 160, har da sararin da ke tsakanin kalmomi, kuma idan mutum ya zarce sai a caje shi kuɗin saƙo biyu. Ga kuma wahalar maɓallan tsofaffin wayoyi, inda sai an danna lamba 7 sau huɗu kafin harafin S ya fito. Waɗanda suka riƙe waya a Nijeriya bayan zuwanta a 2001 sun san wannan. To amma wannan bayani bai ƙoshar da ni ba, don dalili biyu. Na farko, al'adar ta girmi wayar nesa ba kusa ba. OK ta fito ne a wata jaridar birnin Boston cikin Maris na 1839, lokacin da 'yan jarida ke yayin taƙaita kalmomin da suka rubuta a karkace da gangan don wasa, kuma tana wakiltar oll korrect ne, watau komai daidai. OMG, wadda ke wakiltar oh my God, an same ta a wata wasiƙa da wani tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya, John Fisher, ya rubuta wa Winston Churchill a 1917, yana da shekara fiye da 70 a duniya. Ita kanta LOL akwai ta a rubuce tun 1989, a wata 'yar mujallar masu hira ta kwamfuta mai suna FidoNews, kafin a aika tes ko guda.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Da ƙarancin wuri ne kaɗai ya haife su, da sun mutu ranar da wuri ya yalwata. Yau ba mai ƙirga haruffa a WhatsApp, kuma wayar da kanta take ƙarasa wa mutum kalma tun bai gama bugawa ba. Wasu kuwa sun mutu ɗin. Irin su gr8 a madadin great, da l8r a madadin later, inda lamba 8 ke riƙe da sautin wani ɓangaren kalma, yanzu sai dai a rubuta su don tsokana ko tuna baya. Waɗannan ba su da wani aiki sai rage dannawa, da aka daina wahalar dannawa sai aka sallame su. LOL ta ƙi mutuwa. Har ƙamus ɗin Oxford babba ya shigar da ita a 2011, tare da OMG. Abin da ya rayu bayan dalilin da aka ce ya kawo shi ya gushe, lalle yana da wani aiki dabam da ba a faɗa ba.

Mene ne wannan aiki? Mai karatu ya ɗauki wannan misali, wanda na ƙirƙira amma kowa ya san irinsa. Ɗaliba ta ara wa ƙawarta littafi, mako uku shiru. Sai ta rubuta mata:

you still have my book

Watau har yanzu littafina na wurinki. A baki, wannan magana za ta iya fitowa da murmushi, za ta iya fitowa da ɗaure fuska, kuma mai saurare zai gane wacce ce tun kafin a rufe baki. A rubuce ba fuska ba murya, saboda haka ƙawar za ta karanta ta da muryar da zuciyarta ta raya mata, kuma wanda ya san yana da laifi muryar faɗa yake ji. Yanzu a ƙara haruffa uku:

you still have my book lol

Ba wanda ya yi dariya a nan. Babu abin dariya a littafin da aka riƙe mako uku. Abin da haruffan suka ce shi ne: ina tuna miki ne, ban yi fushi ba, kada ki ɗauke ta da zafi. Buƙatar tana nan daram, littafin dai ana son sa, amma an cire mata ƙaya. Ƙawar kuma sai ta amsa da omg sorry lol, tata lol ɗin na nufin na ji kunya, na kuma gane ba faɗa kike yi ba. An yi bashi an yi tuni an ba da haƙuri, ba wanda ya zubar da girmansa.

Masanin harshe ɗan Amirka John McWhorter ya yi wannan bayani a wata lacca da ya gabatar a 2013, inda ya ce lol ta tashi daga dariya ta koma alamar nuna cewa ana tare, ana jin abin da abokin hira ke ji, kuma ya sa ta cikin ajin 'yan ƙananan kalmomin da ba su da ma'anar da za a nuna da yatsa amma suna gyara zaman magana tsakanin mutum biyu. Ga ɗalibin Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, don harshenmu cike yake da su: dai, fa, kam, ma, kuwa, mana. A ce wa yaro "zo", a ce masa "zo mana", a ce masa "zo dai", a ce masa "zo fa". Aikatau ɗaya ne, umurni ɗaya ne, amma na biyu lallashi ne ko ƙosawa, na uku kwantar da hankali, na huɗu kuwa akwai kashedi a ciki. Wanda duk ya taɓa ƙoƙarin koya wa baƙo ma'anar "dai" ya san ba a yin ta da fassara guda, sai dai a yi ta kawo misalai har kunnensa ya faɗa. Ingilishi ba shi da wadatar irin waɗannan kamar Hausa, ya fi dogara da hawa da saukar murya. Da aka mai da hirar baka ta koma rubutu, muryar ta faɗi a hanya, sai masu hira suka ɗauki abin da ke hannunsu suka cike gurbin. Saboda haka mai jerin da ya rubuta "LOL: dariya da ƙarfi" ya tsaya nan, daidai yake da mai ƙamus ɗin da ya fassara "mana" da kalma ɗaya ya wuce.

Sai dai ban bi McWhorter har ƙarshe ba. Ya mai da lol kalmar kirki zalla, ta zumunci da tausayawa, alhali tana da wuƙa a ɗaya hannun. A duba: wani ya yi dogon bayani a kan ra'ayinsa, ya kawo hujjoji, ya ɓata minti goma yana bugawa, sai abokin gardamarsa ya amsa da lol ok kawai. Wannan ba tausayawa ba ce. Cewa ya yi maganarka ba ta kai a amsa ta ba, kamar dai a dube ka a ce "to, madalla" a juya baya. Haka nan sure lol, a matsayin amsar wanda ya yi alkawarin zai biya bashi gobe, na nufin mun ji, mun kuma san ba za ka biya ba. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na Michelle McSweeney, wadda ta yi nazarin dubban saƙonnin matasa masu jin Ingilishi da Sifaniyanci a birnin New York, aka buga littafinta a 2018. A ganinta lol na sanar da mai karatu ne cewa akwai wata ma'ana a ƙarƙashin wadda ke fili, kada ya tsaya a kan kalmomin kawai. Wannan ya ɗauke duka biyun. A saƙon littafi, abin da ke ƙasa shi ne ban yi fushi ba. A saƙon gardama, abin da ke ƙasa shi ne raini. Haruffan ba sa faɗin wanne ne, ishara kawai suke yi cewa a tona.

To yaya mutum zai gane wacce aka aiko masa? Abin da na lura da shi, ba doka ba ce, shi ne a fara duba mazauninta. Idan ta zo a ƙarshen magana mai ɗan nauyi, kamar roƙo ko tuni ko faɗin wani abin kunya da ya sami mai rubutun, yawanci sassautawa take yi. Idan ta zo a farko, tana amsa abin da aka faɗa ne, sai a koma a duba abin: in wasa ne, to an karɓi wasan, in magana ce ta gaske da aka faɗa da zuciya ɗaya, to an yi mata dariyar da ba ta nema ba. Idan kuwa ta zo ita kaɗai bayan dogon saƙo, mafi kyawun fassara ita ce na gani, ba ni da abin cewa, kuma sau da yawa hirar ta ƙare ke nan. Sa'an nan a duba girman haruffan. Manya, LOL, sun fi kusa da dariyar gaske, ko kuma su nuna mai rubutun ya manyanta. Ƙanana, lol, su ne abokan "dai" da "mana".

Wani abin ban sha'awa shi ne da lol ta bar aikin dariya, sai gurbin dariyar ya zama babu kowa, aka shiga neman masu cike shi. Aka ɗauko ROFL, rolling on the floor laughing, watau ina birgima a ƙasa don dariya. Aka ɗauko LMAO, wadda harafinta na uku ke wakiltar kalmar da ba a faɗa gaban manya, abin da da yawa daga masu aika ta ga malamansu ba su sani ba. 'Yan Nijeriya suka ƙera tasu daga Ingilishin buroka, LWKMD, laugh wan kill me die, dariya za ta kashe ni. Kowace ta fi ta gabanta zuzutawa, kowace kuma da an daɗe ana amfani da ita sai ta sanyaye, kamar kuɗin da aka buga da yawa. A 2015 ma'aikatan Facebook suka ƙirga yadda mutane ke rubuta dariya a shafin cikin mako guda, suka tarar fiye da rabin masu yin dariyar haha suke rubutawa, wajen kashi ɗaya cikin uku 'yan hotunan fuska suke sakawa, lol kuwa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Jaridu suka yi ta shelar lol ta mutu. Ni a ganina sun yi gaggawar jana'iza. An je neman ta a layin masu dariya ne, ita kuwa ta daɗe da canza layi.

Inda jerin fassara ya fi cutarwa shi ne inda mutum biyu ke riƙe da jeri biyu. Kafin zamanin kwamfuta, masu rubuta wasiƙa da Ingilishi kan rufe da LOL da nufin lots of love, watau tare da ƙauna mai yawa. A 2012, a gaban kwamitin Leveson mai binciken halayen 'yan jaridun Birtaniya, tsohuwar editar jarida Rebekah Brooks ta ba da shaida cewa David Cameron, wanda shi ne firayim minista a lokacin binciken, yakan rufe saƙonsa zuwa gare ta da LOL da wannan tsohuwar ma'ana, har sai da ta gaya masa abin da take nufi yanzu, ya daina. Nasa ya tsaya a abin dariya. Amma mai karatu ya auna dattijon da ke riƙe da wannan tsohon jeri ya aika ta'aziyya ya rufe da haruffan nan uku. Wanda aka yi wa rasuwa ba zai tsaya binciken tarihin kalma ba.

Ba lol kaɗai ke da wannan hali ba. A ɗauki amsa mafi gajarta a Ingilishi. Okay, ok, da k duk kalma ɗaya ce, duk jeri zai ce ma'anarsu "to". Amma a wurin matasa masu hira da Ingilishi, okay cikakkiya amsa ce ta lafiya lau, ok tana tsaka-tsaki, k kuwa ta fara sanyi, idan kuma aka sa mata aya aka rubuta K. to ƙofa aka rufe. Dalilin a fili yake: idan wani ya rubuto maka layi biyar ka mayar masa da harafi ɗaya, ka gaya masa iyakar lokacin da ka ga ya cancanta. Batun ayar ma an gwada shi. Celia Klin da abokan aikinta a Jami'ar Binghamton ta Amirka sun nuna wa ɗalibai 126 gajerun amsoshi, wasu da aya wasu babu, ɗaliban suka ɗauki masu ayar a matsayin waɗanda ba su fito daga zuci ba idan a tes suke, amma ba su ga wannan bambanci ba da aka nuna musu amsoshin a rubutun hannu. An buga sakamakon a 2016. Mu ma muna da wannan a baki. "To" da aka ja ta da "to" da aka datse ba amsa ɗaya ba ce, kowace amarya ta san haka. Bambancin shi ne dattijon da ya rubuta K. sau da yawa ba ya nufin komai, makaranta ce ta koya masa rufe jimla da aya, ɗansa kuwa yana can yana lissafin laifin da ya yi.

FYI da ASAP daga ofis suka shigo hira, kuma ba su tuɓe rigar ofis ba. Ta farko, for your information, don ka sani ke nan. Idan ta rako wata sanarwa ba laifi, amma idan ta buɗe amsa a cikin gardama ta zama "in ba ka sani ba, to ka sani". Ta biyu, as soon as possible, a zahiri sassauci ce, da zarar ya yiwu, amma a aikace umurni ce, kuma daga sama take gangarowa. Ɗalibin da ya rubuta wa malaminsa cewa ya duba masa babi na biyu ASAP ya yi zaton ya taƙaita ne, bai san ya aiki malamin ba. (Ina jin wasu malamanmu da ke karanta wannan sun gyaɗa kai.)

Game da masu kukan cewa waɗannan haruffa za su rusa Ingilishi, ba zan ɓata tawada da yawa ba, don an riga an amsa musu. David Crystal ya yi littafi guda a kan haka a 2008. A wannan shekarar kuma Sali Tagliamonte da Derek Denis na Jami'ar Toronto suka buga nazarin hirar matasa ta kwamfuta mai kalmomi fiye da miliyan ɗaya, suka tarar duk taƙaitattun kalmomin da alamun dariya ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Sauran duk Ingilishi ne lafiyayye. Gishiri ne a miya, masu kuka suka ɗauka shi ne miyar.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne fassara. Taƙaitawar da muke yi a tamu hirar, irin su slm da lfy da ngd, zubar da wasula ce kawai, mai karatu ya mayar da su ya sami salam da lafiya da na gode, ma'ana ba ta gusa ko'ina ba. Saboda haka idan Bahaushe ya ga lol, hankalinsa na ba shi cewa ita ma warware ta kawai za a yi. A ce an ba ɗayanmu gajeren labarin Ingilishi na zamani ya mayar Hausa, a ciki akwai saƙon nan na mai littafi. In ya bi jeri zai rubuta "har yanzu littafina na wurinki, ina ƙyalƙyala dariya", ya mai da yarinya mai kunya ta zama mai taɓin hankali. In ya jefar da haruffan ya rubuta "har yanzu littafina na wurinki", ya mai da ita mai faɗa. Ni da zan rubuta "littafina dai na wurinki har yanzu, hajiya", in bar "dai" da tsokanar da ke cikin "hajiya" su ɗauki kayan. Amsar ƙawar kuma ta zama "wayyo, yi haƙuri, kin ga halin nawa". Shi kuwa mai gardamar nan da ya amsa da lol ok, ba "dai" ba "mana" a bakinsa. "To, an ji" ta ishe shi, ko kuwa "Allah ya ba da sa'a" irin wadda ba addu'a ba ce.